Darasin tarihi shafi huɗu ne, yaron ba ya iya karanta shi: yaya za mu gyara masa kafin BEPC?

Binta, Garwa: Salamu alaikum. Iyayenmu da malamanmu, barkanku da war haka. Shawara nake nema a kan ƙanena. Yana turwaziyam, bana zai zauna BEPC. In ka karanta masa darasi da baki nan take yake kamawa, har ya mayar maka da bayani. Amma ka miƙa masa kayensa ka ce karanta, sai ya tsaya a kan kalma ɗaya yana ja, ya tsallake layi, ya dawo, kafin ya kai ƙasan shafi ya manta abin da ke sama. Bara an kai shi wurin ortofonist, ƙwararriya kan matsalolin magana da karatu, a Yawunde, ta gwada shi ta ce disleksi ce. Ta ce a riƙa yanka masa darasi gajeru-gajeru, a gyara tsarin rubutun, a yi masa na saurare. To ni ce zan yi aikin, kuma ban san ta inda ake farawa ba. Ga darasin tarihin Kamaru nan a gabana, daga zuwan Jamusawa zuwa haɗewar ƙasa, shafi huɗu cike da rubutun hannunsa wanda shi kansa ba ya ganewa. Niyyata daren yau in karanta shi duka a waya in tura masa. Hakan ya yi?

Alhaji Ɗanjuma, Marwa: Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya yi miki albarka da kula da ɗan'uwa. Ni dai a ganina yaran yanzu waya ce ta lalata su, kuma kina shirin ƙara masa waya. A kashe talabijin, a tashe shi da asuba, ya maimaita shafin sau ashirin. Mu haka muka yi.

Binta: Amin Baba Alhaji. Wallahi ba lalaci ba ne. Ya fi duk yaran gidanmu daɗewa a kan kaye, har barci ya ɗauke shi a wurin. A islamiyya kuma yana cikin masu hadda mai kyau.

Alhaji Ɗanjuma: To ai kin ga. Wanda ya iya hadda ina shi ina cewa ba ya iya karatu?

Malama Habiba, Marwa: Alhaji, barka da dare. Wannan haddar ita ce ma shaidar maganar Binta. Malam ke biyawa yaro yana amsawa, kunne ne ke ɗauka. Inda mai disleksi ke tuntuɓe shi ne haɗa harafin da ido ya gani da sautinsa cikin sauri. Ni Faransanci nake koyarwa, kuma harshen ba ya tausaya musu ko kaɗan: sauti ɗaya a rubuta shi o, a rubuta shi au, a rubuta shi eau, ga haruffan ƙarshen kalma da ba a furtawa. Yaron yana ƙarar da ƙarfinsa wajen tono kowace kalma, babu sauran da zai riƙe ma'ana da shi. Maimaita shafin sau ashirin gajiya ashirin ce.

Binta, kada ki ɗauki sautin yau. Shi ne aikin ƙarshe. Shafi huɗu in kika karanta a jere, za ki ba shi dogon sauti wanda ba shi da kai ba shi da gindi. In ya so jin abin da ya faru a 1961 sai ya yi ta ja baya da gaba yana lalube. Fara da yanka. Turo mana kanun darasin in nuna miki.

Binta: Ga su Malama: yarjejeniyar Jamusawa da sarakunan Duwala, mulkin Jamus, yaƙin duniya na farko a Kamaru, raba ƙasa tsakanin Faransa da Ingila, mandat da tutelle, 'yancin kai, ƙuri'ar raba gardama da haɗewa.

Malama Habiba: Madalla. Kanu bakwai, kati bakwai, ko takwas in ɗaya ya yi nauyi. Ki ɗauki takardar A4 ki raba ta biyu, kowane rabi kati ɗaya ne, fuska ɗaya kawai za a rubuta. Dokar ita ce kowane kati ya amsa tambaya ɗaya tak. Kafin ki taɓa alƙalami ki tambayi kanki: in mai jarrabawa ya zo kan wannan kai, me zai nema? Galibi yaushe, su wa, a ina, me ya jawo, me ya biyo baya. Abin da bai amsa ɗaya daga cikin waɗannan ba ya zauna a kaye.

Ɗauki na ukun. A kaye na san sakin layi ne dogo: yaƙi ya ɓarke a 1914, sojojin Ingila sun shigo daga Najeriya, na Faransa daga Cadi da kudu, Duwala ta faɗi, Garwa ta faɗi a 1915, da sauransu. A kati ga abin da zai rage:

```
H3   La fin du Cameroun allemand
Quand ?   1914 - 1916
Qui ?     France + Angleterre
Où ?      Mora, 18 février 1916
Après ?   Le pays est partagé en deux
```

Layi huɗu ban da kai. H ɗin tarihi ne, 3 lambar katin. Ki riƙe wannan lambar, za mu dawo kanta a maganar sauti. Kuma kalmomin malamin ajinsu za ki yi amfani da su, kada ki sauya da waɗanda suka fi miki daɗi, domin su zai tarar a takardar jarrabawa.

Malam Sanda, Gidar: Malama, da girmamawa, ni ina da ja. Tarihi da labarin ƙasa nake koyarwa. Wannan katin na masu cika gurbi ne. In aka ce yaro ya yi bayanin yadda Jamus ta rasa Kamaru cikin sakin layi, layi huɗun nan ba su ba shi maki. Tarihi sarƙa ne, wannan ya jawo wancan. In kika yanyanka shi, yaro zai san 1916 ya san 1922 amma bai san abin da ya haɗa su ba. Na sha ganin masu irin wannan haddar, kwanan wata cike da kai, jimla ɗaya ta gagara.

Malama Habiba: Gaskiyarka Malam, haɗarin yana nan. Shi ya sa layin ƙarshe na kowane kati yake miƙa hannu ga na gaba. H3 ya ƙare da raba ƙasa biyu, H4 ya buɗe da wa ya ɗauki wane yanki, Faransa mafi yawa, Ingila ɗan zirin da ke maƙale da Najeriya. Sannan a yi kati ɗaya na daban, layin zamani, shekarun kawai a jere: 1884, 1916, 1922, 1946, 1960, 1961. A liƙa shi a bango. Labarin da ke ɗinke su kuwa baki ne zai ba shi, kuma Binta ta ce kunnensa lafiya lau.

Malam Sanda: Ban gamsu duka ba. A ɗakin jarrabawa ba baki za a tambaye shi ba. Amma ci gaba.

Garba mai fotokofi, Ngaundere: Ni aikin buga takardu nake yi, bari in sa baki a wajen tsarin. Akwai salon rubutu da aka yi musamman don irin waɗannan yara, OpenDyslexic sunansa, kyauta ake sauke shi. Gindin haruffan an yi masa kauri don kada su riƙa juyawa a idon yaro. Ki buga da shi a kan takarda shuɗiya ko rawaya, kanun duka da manyan baƙaƙe ki ja musu layi. Kuma a duba idonsa, wata ƙila tabarau ne kawai.

Malama Habiba: Malam Garba, duba ido da kunne daidai ne, a yi in ba a yi ba, don kada a bar wata matsala a ɓoye. Amma tabarau ba ya maganin disleksi, ciwon ba a ido yake ba. Shi kuwa salon rubutun, an gwada shi da yara a bincike, bai sa sun fi sauri ko rage kuskure a kan Arial ba. In yaron ya gani ya ce yana so, a ba shi, ba laifi. Kada dai a ɗora masa buri.

Abin da aka gwada aka ga amfaninsa shi ne tazara. A 2012 Marco Zorzi da abokan aikinsa sun fitar da bincike a kan yara masu disleksi 'yan Italiya da 'yan Faransa. Rubutu iri ɗaya aka ba su, sau ɗaya yadda aka saba, sau ɗaya an buɗa tsakanin haruffa. Da aka buɗa, kurakuran sun ragu da kusan rabi, saurin ma ya ƙaru. Dalilin shi ne harafi in ya matsu tsakanin maƙwabtansa ya fi wuyar tantancewa a wurinsu. To wannan kai ne gwaninsa, a injinka ake yi.

Manyan baƙaƙe da jan layi kuwa a bar su. Kalmar da aka rubuta duka da manya tana rasa siffarta, babu mai hawa sama babu mai sauka ƙasa, duk sun zama tsayi ɗaya. Jan layi kuma yana cin wutsiyar p da q da g da j, waɗanda dama su ne ke rikita shi. Karkataccen rubutu ma haka. In ana son kalma ta fito, a yi mata kauri kawai, kuma kada ta wuce ɗaya ko biyu a kati. In aka kaurara komai ba a kaurara komai ba.

Garba mai fotokofi: To na ji. Ni a wani bidiyo na gani. Amma maganar takarda ina nan a kan bakana, farar takarda a ranar Garwa kashe ido take yi. Binta ga yadda za ki gaya wa mai buga miki, in Word yake aiki da shi na Faransanci:

```
Police : Arial ou Verdana, 14
Interligne : 1,5
Aligner à gauche
Police > Paramètres avancés > Espacement : Étendu
```

Kada ki bari ya danna Justifier. Mu masu shago mun saba da shi don gefen takarda ya miƙe ya yi kyau, amma yana sa tazarar kalmomi ta bambanta daga layi zuwa layi, wani wuri a matse wani wuri rami. A wajen Étendu ya fara da 1, ku buga gwaji. In ya buɗa da yawa kalmomin sai su tarwatse a rasa inda ɗaya ta ƙare, sai an ƙara tazara tsakanin kalmomin su ma.

Malama Habiba: Wannan duka na sa hannu. Takarda mai ruwan madara ba ta cutarwa, wasu yaran sun fi sonta, in akwai a saya. Abin da nake gudu shi ne a ce launi magani ne. Ki buga kati ɗaya iri uku, Binta, ki ba shi ya karanta da ƙarfi kina ƙirga inda ya yi tuntuɓe. Shi zai zaɓa, ba mu ba.

Binta: Allah Ya saka da alheri. Amma darussan suna da yawa, ga SVT, ga labarin ƙasa. In komai sai an kai shago kuɗin zai yi mana yawa. Ba za a iya da hannu ba?

Malama Habiba: Za a iya sarai. Amma ba da haɗaɗɗen rubutun lakwal ba, wanda haruffa ke riƙe da hannun juna. Ki rubuta su a ware kamar na littafi, da baƙin biro mai kauri, ki tsallake layi ɗaya bayan kowane layi. Kuma ki guji takardar kaye mai ƙananan layuka da yawa, ki samu fara sumul ki ja layin fensir mara nauyi. Abu ɗaya: kada ki sa shi ya kwafa da kansa. Zai kwafa da kuskure, sannan ya haddace kuskuren.

Nafisa, Njamena: Sannunku. Ni abin a jikina yake, ina jami'a yanzu, kuma har yau da katuna nake karatu. Anti Binta, ki duba shekarun da Malama ta jera. 1916 da 1961. Lambobi huɗu ne iri ɗaya, biyun ƙarshe ne kawai suka yi musaya. Ni irin wannan ne ke kayar da ni, ba dogayen kalmomi ba. In ba a yi dabara ba, zai rubuta cewa Jamusawa sun miƙa wuya a Mora a 1961, alhali a kansa ya san daidai.

Abin da nake yi: kowace shekara mai tagwai ina ba ta hoto da wurin zama. 1916 in zana dutse kusa da ita, tunda a kan dutsen Mora sojojin Jamus suka maƙale. 1961 in zana akwatin zaɓe. Kuma ba na yarda su zo a zama ɗaya lokacin da nake fara koyonsu. Sai kowace ta zauna daram sannan in haɗa su in gwada kaina. Haka ma mandat da tutelle. Na farkon 1922 ne ƙarƙashin SDN, ƙungiyar ƙasashen duniya ta wancan lokacin, na biyun 1946 ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. In aka cusa su a kati ɗaya cakuɗewa suke yi. A raba H5 biyu.

Malam Sanda: 1961 ɗin ma kwana biyu ne a ciki. 11 ga Fabrairu ƙuri'ar raba gardama, inda kudancin yankin Ingila ya zaɓi Kamaru, arewacinsa ya zaɓi Najeriya. 1 ga Oktoba haɗewa. Ga kuma 1 ga Janairu 1960, 'yancin kai. Ko yaran da ba su da wata matsala suna haɗa 1 ga Janairu da 1 ga Oktoba.

Nafisa: To kowanne katinsa ke nan Malam. Gara katuna goma marasa nauyi da bakwai masu cunkoso.

Alhaji Ɗanjuma: Mora dai na santa, mun sha wucewa ta nan zuwa Kuseri. Ashe nan Bajamushe ya ƙare. To yaron a kai shi ya ga dutsen mana.

Binta: Baba Alhaji in hali ya yi. Malama, saura sautin.

Malama Habiba: Yanzu ya zo. Kati ɗaya, sauti ɗaya, lamba ɗaya. Sautin H3 ya fara da faɗin H3 da kan darasin, don ya san katin da zai ɗauko. Daga nan ki karanta abin da ke katin kalma da kalma, yadda yake a rubuce, ba ƙari ba ragi, a hankali fiye da yadda kike hira, ki ɗan tsaya a ƙarshen kowane layi. Shi kuma katin na gabansa, yatsansa na bin kalmar da kike faɗa. Nan ne amfanin yake: ido na ganin partagé a daidai lokacin da kunne ke jin ta. In kika sauya kalma ɗaya a sautin, yatsan zai ɓata, zai ɗaga kai ya bar katin, ya koma sauraro zalla.

Bayan karatun sai ki ce ajiye kati, ki ba da labarin cikin jimla uku ko huɗu cikakku, irin waɗanda Malam Sanda ke son gani a takarda. A ƙarshe tambaya biyu. Ki yi tambayar, ki yi shiru ki ƙirga biyar a zuci, sannan ki faɗi amsa. Shirun nan kada ki ji kunyarsa, a cikinsa yake aiki. Duka kada ya wuce minti ɗaya da rabi, iyaka biyu.

Mudi mai gyaran waya, Garwa: Anti Binta, in ta WhatsApp za ki tura, kada ki zuba su cikin hirarku ta yau da kullum, za su nutse tsakanin saƙon cefane. Ki buɗe rukuni daban na ku biyu, tarihi kawai. Ki fara tura hoton katin, sautinsa ya biyo a ƙasa. Amma ni shawarata a raba shi da babbar waya lokacin karatu, Alhaji bai yi ƙarya ba a nan. A zuba a memori a sa a ƙaramar rediyo mai cin memori, cajinta na daɗewa ko an ɗauke wuta. Sai dai a kula: saƙon murya na WhatsApp .opus ne, na'urar ɗaukar murya ta wayoyi da yawa kuma .m4a take fitarwa, ƙananan rediyoyin nan galibi .mp3 suka sani. Sai an juya. Sunayen kuma a sa sifili a gaba, H01, H02, har H10, in ba haka ba na'urar na iya kawo na goma kafin na biyu. Ki kawo shago in juya miki.

Akwai ma hanya mai sauƙi, wayar ta karanta da kanta. A Android cikin Accessibilité akwai Sélectionner pour prononcer, a Word akwai Lecture à voix haute. In an sauke muryar Faransanci tun farko ba sai da data ba.

Nafisa: Yaya Mudi ina amfani da ita kullum, amma ga dogayen takardun jami'a da babu mai karanta mini. Sai rubutun da aka buga take ci, rubutun hannu na kaye ba ta iyawa da shi yadda ya kamata. Kuma sunayen gida tana murɗe su, ga shi ba ta san ta yi shiru bayan tambaya ba. Ga katuna gara muryar mutum. Wani abu kuma, Anti: kada ya saurara a kwance. Ni muryar yayata tana sa ni barci kamar tatsuniya. A zaune, kati a hannu, sauti uku ko huɗu, ya tashi ya sha ruwa. In ya saba da kati zai ce kin cika jan magana, to a WhatsApp sai ya danna 1,5x. Amma ba a sabon kati ba.

Maman Halifa, Kuseri: Don Allah ni ma ɗana ɗan aji biyu ne a firamare, yana rubuta b a wurin d, wani lokaci 3 ma a juye. Shi ma disleksin ce? In fara yi masa katunan?

Malama Habiba: Maman Halifa, a wannan shekarun juya harafi abu ne da yara da yawa ke yi, kuma yakan wuce. Shi kaɗai ba ya nuna komai. Shi yanzu ba bita yake buƙata ba, koyon sautin haruffa yake buƙata, kaɗan-kaɗan kullum. In shekara ta juyo ana koya masa da kyau amma haɗa baƙi ya ƙi, musamman in akwai mai irin haka a dangi, domin tana bin jini, to a nemi gwaji. Ki yi mini magana ta gefe.

Binta: Tambaya ta ƙarshe. Bayanin nan na bayan kati, da Hausa zan yi ko da Faransanci? Da Hausa yake saurin ganewa.

Malam Sanda: Faransanci, ba tantama. Da shi zai rubuta. Yaron da ke fama da rubutu kuma a ɗora masa fassara a ɗakin jarrabawa? Jimlolin da ya ji su ne za su zo masa a alƙalami. In Hausa ya ji, Hausa za ta zo.

Nafisa: Malam ni ban yarda ba. In ban gane abu ba, haddar jimlarsa ba ta zama, kwana biyu ta zube. Ni da Hausa da Larabcin Cadi aka fara warware mini abubuwa a gida, sannan Faransancin ya samu wurin kamawa.

Malama Habiba: Ni abin da nake yi tsaka-tsaki ne. Bayanin Hausa a yi shi baki da baki ranar da aka fara katin, a zauna a yi hira har ya gane me ya sa aka raba ƙasar. Abin da za a ɗauka a na'ura, wanda zai ji sau da yawa, ya zama Faransanci. Amma na san malamai masu sa jimla ɗaya ta harshen gida a farkon kowane sauti, kuma ba zan ce sun yi kuskure ba.

Abin da ya fi damuna ba harshen ba ne. Yaro mai kunne irin na ƙanenki zai haddace sautin cikin kwana kaɗan, ya riƙa rera miki shi yana kallon katin, ki ɗauka karatu yake yi. Ga yadda za ki gane. Kashe sautin, ki nuna masa kalma a tsakiyar kati ba bisa jeri ba, ki ce mece ce wannan. In sai ya koma farkon layi ya rero kafin ya iso ta, hadda ce. Ko ki lura da yatsan: in baki ya riga yatsa, ba ya karantawa. Maganinsa ki riƙa gauraya katunan, ki rufe gefen amsa da hannu ki bar tambayar, wani lokaci ki juya tambayar, maimakon yaushe aka yi kaza ki ce me ya faru a 1946. Sannan kowane zama ya rubuta kalmomi uku daga katin, ba fiye ba, waɗanda dole su fito daidai: mandat, tutelle, plébiscite, irin su.

Ki samu ambulan uku. Sabon kati na ta farko, kullum ake duba shi. In ya amsa ba taimako ya koma ta biyu, bayan kwana uku. In ya sake ci ya koma ta uku, mako-mako. Wanda ya faɗi ya dawo ta farko. Da haka ba za ku ɓata lokaci kan abin da ya riga ya sani ba.

Malam Sanda: Kalma uku a zama ba ta isa ba, Malama. Ni ina ƙara cewa duk mako ya zauna da agogo ya rubuta sakin layi ɗaya cikakke daga kati biyu, ba sauti ba taimako. Mai gyaran takarda bai san shi ba, bai san Binta ba. Kuma ki je wurin shugaban makarantarsu da takardar ortofonist ɗin tun yanzu, ki tambayi abin da za a iya yi masa a jarrabawar gwaji da ta ƙasa, kada ki bari sai watan Mayu.

Malama Habiba: Sakin layin na yarda, da sharaɗi. Ya fara faɗinsa da baki, sannan ya rubuta. In Binta za ta gyara, ta duba ma'ana da kalmomin katin kawai, kada ta cika takardar da jan biro a kan kowane harafi. Kuma a sani katunan nan ba sa warkar da disleksi. Hanya ce ta kai darasi kansa kafin Yuni. Aikin koyon karatun kansa daban ne, yana nan yana jira.

Malam Sanda: A jarrabawa ba wanda zai ce masa fara faɗa da baki.

Nafisa: Ana faɗa a zuci Malam, ni haka nake yi har yau, leɓena na motsi masu tsaro na harara ta.

Garba mai fotokofi: Binta in kin rubuta H1 zuwa H3 turo mini hoto, in buga miki gwajin iri uku in turo PDF, sai ki fitar a nan Garwa. Ki gaya wa mai shagon kada ya rage girman don ya cusa kati huɗu a takarda ɗaya, na san halinmu.

Binta: To Malam Garba, na gode. H1 nake kai yanzu. Malam Sanda, a kayensa akwai 12 ga Yuli 1884 kuma akwai 14 ga Yuli. Wanne zan sa?

Malam Sanda: 12 ga wata aka sa hannu da sarki Bell da sarki Akwa, 14 ga wata Nachtigal, wakilin Jamus, ya ɗaga tutar Jamus a Duwala. Yarjejeniyar ake tambaya, sa 12. Ni da na sa duka biyun.

Malama Habiba: Sa 12 a katin da kauri. 14 ta shiga cikin labarin sautin.